Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da ƙananan yara: kuɗin da suke da haƙƙi a kai da takardun da za a nema

Yawancin matan da mazajensu ma'aikata suka rasu, idan an share makoki an yi sadakar arba'in, tambayar da suke fara yi ita ce yaushe za a soma biyansu fanshon marigayi duk wata. Amsar tana da ɗaci, amma gara a ji ta da wuri. A tsarin fansho na karo-karo da Nijeriya ta shiga a 2004, wanda aka sake wa doka a 2014, babu wani albashin wata-wata da ake yanka wa matar mamaci har ƙarshen rayuwarta. Abin da ke akwai, yawancinsa kuɗi ne dunƙulallu da ke ajiye a wurare daban-daban, kowanne da ƙofarsa, kowace ƙofa kuma da takardar da ke buɗe ta. Iyalin da suka san ƙofa ɗaya kawai sukan karɓi abin da ke bayanta su tafi, su bar saura, wani lokaci ma sauran ya fi abin da suka karɓa yawa.

Bayanin nan ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya, da na kamfanoni masu zaman kansu, da na jihohin da suka rungumi wannan tsari irin su Kaduna. Sojoji da jami'an leƙen asiri an cire su daga cikinsa, kuma Kano da Jigawa suna da nasu tsarin fansho na jiha, saboda haka iyalan ma'aikatansu hukumar fansho ta jiharsu za su nufa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ma'aikacin kamfani ne a Kaduna, albashinsa naira 150,000 a wata. Ya rasu kafin ya yi ritaya, ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya uku: maza biyu masu shekara tara da shida, da mace mai shekara biyu. Mahaifinsa ya riga shi rasuwa. Tun ranar da ya kama aiki ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun fanshonsa da ake kira RSA, wanda ke hannun kamfanin kula da fansho, wato PFA. A ce abin da ya taru a ciki, da ribar da ya haifa, ya kai naira 4,800,000.

Wannan asusu shi ne ƙofa ta farko, kuma a nan rigimar dangi ta fi tashi. Lokacin da marigayi ya buɗe asusun yana saurayi, akwai gurbi a fom ɗin da aka rubuta Next of Kin, sai ya sa sunan yayansa. Mutanenmu sun saba fassara wannan kalma da "magaji", kuma fassarar nan ta jawo ɓarna mai yawa. Wanda aka rubuta a gurbin nan mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, shi ke nan. Ba shi ne mai kuɗin ba. Sashe na 8 na dokar 2014 ya ce ba za a saki abin da ke cikin asusun ba sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu da ke nuna waɗanda aka damƙa wa kula da dukiyar mamaci, kuma PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa, ta amince. Sannan rabon zai bi wasiyyar, ko kuwa dokar da ta shafi mamacin a karan kansa, wadda ga Musulmi ita ce shari'ar gado.

Idan muka yi lissafin a misalinmu, bayan an fitar da bashi da wasiyya idan akwai, matar tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, wato naira 600,000. Mahaifiya tana da sudusi, naira 800,000. Ragowar 3,400,000 na yara ne, a kasa shi biyar: kowane namiji ya sami 1,360,000, mace ta sami 680,000. Yayan da sunansa ke kan fom ba shi da ko kwabo, domin ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwa daga gado. Da mata biyu ko uku marigayin ya bari, tumunin nan guda ne za su raba tsakaninsu, ba kowace da nata ba.

Ina so a dubi adadin nan da idon basira. Rabon matar da 'ya'yanta gaba ɗaya naira miliyan 4 ne. Idan gidan yana cin naira 100,000 a wata tsakanin abinci da haya da makaranta, kuɗin zai ƙare cikin wata arba'in, shekara uku da wata huɗu, lokacin ƙaramar yarinyar ba ta fi shiga firamare ba. Wannan shi ne babban giɓin tsarin a ganina: ya kare kuɗin ma'aikaci daga ɓacewa, amma bai tanadar wa maraya abin da zai raka shi har ya girma ba. Shi ya sa bai kamata a yi wasa da sauran ƙofofin biyu ba. Kafin mu je can, bari mu gama da takardun wannan ta farko, domin su ne suke cinye watanni.

Komai yana farawa da shaidar mutuwa. Idan a asibiti aka rasu, a karɓi takardar likita mai nuna sanadin mutuwa tun kafin a bar wurin, ko a koma cikin 'yan kwanaki tun fayil ɗin bai nutse ba. Amma mu a al'adarmu mutum yakan cika a gida da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu wanda hankalinsa ya je kan takarda. A irin wannan hali ana zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ita doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, a yi rajistar rasuwar a karɓi takardarta. Kamfanonin fansho sukan so a haɗa da wata ƙarin shaida, kamar wasiƙar limamin da ya sallaci gawar, ko ta fasto ga Kirista, ko takardar izinin binnewa daga ƙaramar hukuma. Idan kuwa haɗarin mota ne ko kisa, rahoton 'yan sanda ya zama dole. Abin lura a nan shi ne ranar rasuwa ta zama ɗaya a duk takardun. Idan likita ya rubuta 14 ga wata, liman ya rubuta 15 saboda ranar jana'iza ya tuna, to fayil zai dawo, a koma neman rantsuwar kotu don gyara.

Suna ma haka. Mutum ɗaya ne, amma a asusun fansho Muhammad Sani, a katin ɗan ƙasa Sani Mohammed, a takardar kama aiki kuma an ƙara sunan garinsu. Yana raye zai iya gyarawa da kansa cikin sauƙi, kuma dalilin da ya sa PenCom ta matsa wa masu asusu su je su sabunta bayanansu su haɗa da lambar NIN ke nan. Bayan ya rasu kuwa, matarsa ce za ta yi ta zarya tsakanin kotu da ofis don tabbatar da cewa sunayen uku na mutum ɗaya ne.

Takarda mafi nauyi ita ce ta kotu. A jerin abubuwan da kamfanin fansho zai miƙo za a ga an rubuta Letter of Administration. Sashen kula da dukiyar mamata na babbar kotun jiha ne ke bayar da ita: a cike fom, a lissafa dukiyar da marigayi ya bari, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa don mai ƙorafi ya fito, a biya kuɗin da jihar ta yanka gwargwadon yawan dukiyar. Idan akwai ƙananan yara cikin magada, a bisa ƙa'ida mutum ɗaya ba ya karɓar wannan izini shi kaɗai, sai aƙalla biyu. A jihohin Arewa akwai hanya mafi kusa, domin kamfanonin fansho suna karɓar umarni mai hatimi daga babbar kotun yanki, wadda a jihohi da dama ta koma babbar kotun shari'ar Musulunci. A nan alƙali zai tantance magada da shaidu, ya rubuta sunayensu, ya faɗi wanda zai karɓa a madadinsu. Kafin a shigar da buƙata a kotu, a fara zuwa kamfanin fanshon a tambaye su irin takardar da suke karɓa da yadda suke so a rubuta ta. Tafiya ɗaya ce da ke hana tafiya biyar.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a wannan takarda. Na farko, a lissafa gida da gona da asusun banki, a manta ba a ambaci kuɗin fansho ba. Kamfanin ba zai biya abin da kotu ba ta ambata ba, sai an koma an ƙara. Na biyu ya fi muni: a bar wani daga cikin magada. Yaron da uwarsa ta fita tun kafin rasuwar magaji ne cikakke, haka cikin da matar ke ɗauke da shi, sai an jira ya zo duniya ko a ajiye masa kasonsa. Idan aka ɓoye ɗaya, ranar da danginsa suka kai ƙara komai zai tsaya cik, har da rabon waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Sauran takardun masu sauƙi ne, sai dai suna da yawa. Akwai fom ɗin sanar da rasuwa na kamfanin fansho, da hotunan fasfo da katin shaida na waɗanda kotu ta naɗa, da takardun haihuwar yaran, da bayanin asusun bankin da za a zuba kuɗin, wanda sau da yawa ake so a buɗe shi da sunan dukiyar marigayi. Ita matar ana iya neman shaidar aurenta, kuma da yake aurenmu da yawa a ƙofar gida ake ɗaura shi ba tare da takarda ba, rantsuwar kotu da shaidun ɗaurin aure sukan wadatar. Daga wurin aiki kuma ana buƙatar wasiƙar da ke tabbatar da rasuwar da kuma cewa an zuba duk kuɗin da aka cire masa. A nan iyali su nemi cikakken bayanin asusun su duba wata bayan wata, su gwada da takardun biyan albashi. Idan takardar albashi ta nuna an cire kuɗin fansho a watan Maris amma babu shigarsa a asusu, wannan bashi ne a kan wurin aikin, kuma na magada ne. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya kama aiki kafin ƙarshen Yunin 2004 yana da ƙarin haƙƙi na shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati ce ke biya. Don shi ne ake neman takardar kama aiki ta farko da wasiƙar ma'aikata mai nuna matakin albashinsa a lokuta daban-daban, kuma shi ne yakan fi daɗewa bai fito ba.

Wurin da zuciyata ta fi tsayawa shi ne rabon yaran bayan kuɗin ya fito. Kamfanin fansho aikinsa ya ƙare da zarar ya tura kuɗi ga waɗanda kotu ta naɗa. Ba ya bin diddigin ko yaro ɗan shekara shida ya ga nasa 1,360,000. Sau da yawa baffan yara ne ke riƙe da kuɗin a asusunsa, da kyakkyawar niyya ma, ya ce zai juya musu a kasuwa. Shekara uku sai jari ya karye, ko shi ma ya rasu kuɗin ya gauraye da nasa gadon, a rasa mai bambance wa. Abin da nake gani ya fi tsare amana shi ne matar ta kasance cikin waɗanda kotu ta naɗa, tare da wani daga dangin miji, ta yadda kuɗi ba zai fita ba sai da sa hannun su biyun. Sannan a roƙi alƙali ya rubuta kason kowane yaro da adadinsa a cikin hukunci, a buɗe wa kowannensu asusun yara da sunansa, a ajiye rasit na duk abin da aka kashe masa. Wannan ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ga yaron, kuma kariya ce ga baffan nasa ranar da yaron zai girma ya tambaya. Matar ma kada ta sa hannu a farar takarda ko fom ɗin da ba a karanta mata ba, ko da wanda ya kawo ɗan gida ne.

Ƙofa ta biyu ita ce inshorar rai ta ma'aikata, kuma iyalai da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Sashe na 4 na dokar ya wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata da ke cikin tsarin ya yi wa ma'aikatansa inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba, kuma shi zai biya kuɗinta, ba a cire ko sisi daga albashi. A misalinmu albashin shekara naira 1,800,000 ne, ninki uku ya zama 5,400,000. Ka ga ya zarce abin da ke asusun fansho. Ga matashin da bai daɗe da kama aiki ba bambancin ya fi haka nisa, tun da asusunsa bai tara komai ba, amma inshorarsa cikakkiya ce tun shekarar farko. Ba ruwanta da sanadin mutuwa ya shafi aiki ko bai shafa ba: zazzaɓi ne ko haɗari, muddin yana cikin ma'aikata ranar da ya rasu.

Wannan kuɗi ba ya bi ta kamfanin fansho. A dokar 2004 cikin asusun fansho ake zuba shi, amma dokar 2014 ta sauya, ta ce kamfanin inshora ya biya wanda ma'aikaci ya rubuta a matsayin mai cin gajiya kai tsaye. Saboda haka a nan sunan da ke kan fom yana da nauyin da ba shi da shi a wancan gurbi, kuma duk magidancin da ya cike fom ɗin tun yana gwauro ya kamata ya koma ofishin kula da ma'aikata ya gyara. Idan ba a rubuta kowa ba, takardar kotun nan dai za a sake nema, shi ya sa yana da kyau tun farko a sa kotu ta ambaci kuɗin inshora tare da na fansho. Wurin aiki ne ke shigar da buƙatar, don haka a rubuta musu sanarwar rasuwa, a haɗa da shaidar mutuwa, a karɓi kwafi mai tambarin "an karɓa". Ga ma'aikatan gwamnatin tarayya, ta ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ake bi.

Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin aikin da bai biya kuɗin inshorar shekarar ba. Ƙa'idar inshora a Nijeriya ita ce in ba a biya ba, babu kariya, don haka kamfanin inshora zai ce ba ruwansa. Alamar da ake gane haka ita ce a tambayi sunan kamfanin inshorar da takardar shaidar wannan shekara, a ga ana kame-kame. Amma dokar ba ta bar iyali a tutar babu ba: ta ce mai ɗaukar aikin da ya ƙi ko ya kasa yin inshorar shi zai biya kuɗin daga aljihunsa. Idan aka kawo wa matar naira 200,000 a ambulan aka ce gudummawar kamfani ce, ta karɓa ta yi godiya, amma wannan ta'aziyya ce, ba ta share 5,400,000 ba. Ƙorafi a rubuce zuwa PenCom shi ne mataki na gaba.

Wanda ya rasu bayan ya yi ritaya lamarinsa daban ne, domin inshorar ma'aikata ta ƙare ranar da ya bar aiki. Idan yana karɓar fanshonsa ne daga kamfanin fansho kaɗan-kaɗan, abin da ya rage a asusun na magada ne, kuma da takardun da muka ambata za su karɓa. Idan kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora don a riƙa biyansa har mutuwa, shekara goma ne aka lamunce: ya rasu a shekara ta shida, iyali za su karɓi na shekara huɗu da suka rage, ya rasu bayan goma, babu saura. Dattijon da ke da ƙananan yara ya auna wannan sosai kafin ya zaɓa.

Ƙofa ta uku ba kowa take buɗe wa ba, amma ita kaɗai ce ke da biyan wata-wata. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta shafi mutuwar da ta faru saboda aiki ko a bakin aiki, har da haɗarin da ya auku a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a asusun. Idan marigayi ya bar matar da ta dogara da shi da yara biyu ko fiye, doka ta ba su kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, idan yaro ɗaya ne kashi 85. A misalinmu, da a ce injin kamfani ne ya kashe shi, ko mota ta buge shi yana hanyar zuwa aiki da safe, naira 135,000 ke nan kowane wata, a kan kuɗin fansho da na inshora. Ana lissafa yara har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

A nan takardun da ke da muhimmanci su ne waɗanda ke ɗaure mutuwar da aikin: rahoton haɗari daga wurin aiki, rahoton 'yan sanda mai nuna wuri da lokaci, takardar likita, da shaidar cewa yana kan aiki a ranar. Kuma akwai wa'adi. Ana so a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya daga ranar rasuwa, sai da dalili mai ƙarfi hukumar ke karɓar wadda ta makara. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, bayanta ga rabon gado, ga tashi daga gidan haya, shekara sai ta shuɗe ba a ankara ba. Saboda haka tun matar tana cikin takaba, wani amintacce daga danginta ko na mijin ya kai wasiƙar sanarwa wurin aikin, ya tabbatar sun kai rahoto ofishin NSITF mafi kusa, ya dawo mata da kwafin da aka buga wa tambari da kwanan wata.